Wasiƙar da ke raka gyararren zane

Kamfanoni da asibitoci da makarantu da yawa suna manna wata takarda a bango mai ɗauke da akwatuna da kibau, wadda ake son ta nuna yadda aiki ke tafiya daga farko zuwa ƙarshe. Sau da yawa wanda ya zana ta ne kaɗai yake gane ta. Idan abin ya ishi mai wurin, sai ya nemi mai zane da ke zaman kansa, ya tura masa tsohuwar takardar, ya ce a gyara ta yi kyau. Mai zanen ya gyara, ya mayar. A nan ne kuma rigima ke tasowa, domin mai wurin zai buɗe ya ga abin da ya saba gani ya canza, akwatunan da ya sani sun ragu, launukan da ya zaɓa da kansa sun ɓace, kuma ba wanda ya gaya masa dalili.

Shi ya sa ƙwararrun masu wannan sana'a ba sa tura zane shi kaɗai. Suna haɗa shi da wasiƙa. A ganina wasiƙar nan tana da aiki guda da ya fi kowanne nauyi: ta raba gyaran da ya shafi fasalin zane kawai, wanda hurumin mai zane ne, da gyaran da ya taɓa yadda ake gudanar da aikin kansa, wanda hurumin mai wurin ne.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. Mu ƙaddara wani Alhaji yana da kamfanin casar shinkafa a Kano, yana sayen shanshera daga manoma da dillalai. Manajansa ya zana matakan saye, tun daga isowar mota bakin ƙofa har zuwa biyan kuɗi, aka buga a takardar A3 aka manna a ofis. Zanen yana da akwatuna 31, launuka shida, kibau kuma suna ta tsallake juna. Sababbin ma'aikata ba sa karanta shi, direbobi kullum suna tambayar ina za su je bayan awo. Alhaji ya ba wata matashiya mai zane aikin, suka yi yarjejeniyar kuɗi da zagaye biyu na gyara. Bayan ta kai ziyara ta zanta da mai gadin ƙofa da mai gwajin danshi da mai sikeli da akawu, ta sake zanen, ta rubuta masa kamar haka:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali da ma'aikata. Ga sabon zanen matakan sayen shanshera, zagaye na farko. Akwatunan sun dawo 17 daga 31, amma babu matakin aiki ko ɗaya da na cire. A ƙasa na nuna inda kowanne ya koma. Na yi gyara huɗu da suka shafi fasali kawai. Akwai kuma wurare biyu da na yi wa alamar tambaya a jikin zanen, domin ba ni ce zan yanke hukunci a kansu ba, sai Alhaji. Idan lokaci ya ƙure, roƙona a fara duba waɗannan biyun."

Wannan sakin layi na farko ya riga ya amsa tambayar da ke zuciyar duk wanda ya biya kuɗi ya ga kayansa sun ragu: me aka zubar? Mai kamfani ba ya ƙirga kyau, yana ƙirga abin da ya ɓata. Idan ba a gaya masa tun farko cewa matakan nan suna nan ba, zai shafe rabin awa yana neman akwati na 22, kuma duk bayanin da zai biyo baya zai karanta shi ne da zargi. Sannan ta gaya masa abin da ake bukata daga gare shi tun kafin ya gaji da karatu. Mutumin da ke karanta saƙo a waya yana tsakiyar ciniki ba lallai ne ya kai ƙarshen shafi ba.

Fargabar ragi tsohuwa ce a wannan fanni. A 1931 Harry Beck ya kai wa hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta Landan taswirar da ta yi watsi da ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi, ta bar layuka miƙaƙƙu da wuraren canjin jirgi kawai. Da farko an ƙi ta. Sai a 1933 aka buga, fasinjoji suka karɓe ta, kuma tsarinta ne ake bi har yau. Abin da Beck ya cire shi ne abin da matafiyi ba ya bukata a lokacin da yake neman hanya. Amma dole sai an bayyana wa mai biyan kuɗi hakan, ba zai gane da kansa ba.

Ga yadda ta bayyana gyaran fasalin:

"Na ɗaya, tsohon zanen ba ya nuna inda ake farawa. Akwatuna uku ne a sama, kowanne yana iya zama na farko. Yanzu akwai mafari guda, isowar mota, a sama ta hagu, kuma aikin yana tafiya zuwa dama har ya ƙare. Na biyu, na raba takardar gida biyar a kwance, kowane sahu na mutum ɗaya: ƙofa, gwaji, sikeli, sito, akawu. Mai sikeli zai dubi sahunsa kaɗai ya ga abin da ya hau kansa, da wanda ke miƙo masa aiki, da wanda zai miƙa wa. Na uku, akwatuna tara a tsohon zanen ba matakai ba ne, bayanai ne, kamar wanda ke cewa a riƙa wanke abin ɗaukar samfuri. Na mayar da su gefen takarda da lambobi. Wasu biyar kuma maimaici ne, awon mota ya fito sau uku alhali sau biyu ake yi, tana cike da kuma bayan an sauke. Na huɗu, na rage launuka zuwa biyu."

Lissafin ya fito: tara da biyar sha huɗu, a cire daga 31 saura 17. Ta bar wa Alhaji hanyar da zai bincika maganarta da kansa, kuma wannan ya fi duk wata rantsuwa. Abin lura kuma, kowane gyara ta ɗaure shi da wani mutum da ke shan wahala. Ba ta ce sabon tsarin ya fi kyau ko ya fi zamani ba. Kyau abu ne da kowa ke da ra'ayinsa, kuma idan aka shiga muhawarar ra'ayi mai kuɗi ne ke cin nasara. Amma idan aka ce mai sikeli zai ga aikinsa a layi ɗaya, magana ce da za a iya gwadawa gobe da safe.

Alamomin da ta yi amfani da su ba ƙirƙirarta ba ce. Frank da Lillian Gilbreth ne suka gabatar da tsarin zana matakan aiki ga ƙungiyar injiniyoyin ƙere-ƙere ta Amurka a 1921, kuma hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'idar alamomin a 1985 ƙarƙashin lamba ISO 5807. Abin da mai karatu ke bukatar sani kaɗan ne. Akwati mai gefuna zagayayyu shi ne farko ko ƙarshe. Akwati mai kusurwa huɗu aiki ne da wani ke yi, don haka rubutun cikinsa ya kamata ya fara da aikatau, a ce "auna mota", kada a rubuta "sikeli" kawai. Siffar daimon kuma, wato murabba'in da ya tsaya a kan tsininsa, tambaya ce, kuma dole ne kibau aƙalla biyu su fita daga cikinta, kowacce da amsarta a rubuce. Raba takarda sahu-sahu bisa ga wanda ke yin aikin kuwa, Geary Rummler da Alan Brache ne suka yaɗa shi da littafinsu na 1990. Amfaninsa shi ne yana tona wuraren da aiki ke fita daga hannun wani zuwa na wani, kuma a waɗannan gaɓoɓi ne takarda ke ɓata, mota ke jira, kowa ya ce ba laifinsa ba ne.

Batun launi ya cancanci ƙarin bayani, domin shi ne wanda masu wuri suka fi jin zafinsa. A tsohon zanen kibiya kore tana nufin an karɓa, ja tana nufin an ƙi, ba tare da an rubuta komai ba. Ta rubuta masa:

"Na ga a ƙofa da sito ba asalin zanen ke manne ba, hotokofinsa ne baƙi da fari a takardar A4. A nan kore da ja duk sun zama toka-toka, ba a bambance su. Akwai kuma mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore ko da a asalin takardar. Saboda haka yanzu kowace kibiya tana ɗauke da kalmar I ko A'a. Rubutun ma na ƙara masa girma, domin idan aka rage A3 zuwa A4 komai yana komawa kusan kashi 71 cikin ɗari na girmansa, rubutu mai lamba 10 ya zama kamar 7, wanda ba a karanta shi a tsaye. Launin kamfani yana nan a kan take da kuma sahun akawu."

Jimlar ƙarshen nan tana da amfani sosai. Ta nuna masa abin da ta bari. Mai zanen da ya lissafa abin da ya canza kawai, bai faɗi abin da ya kiyaye ba, yana barin mai aikin da jin cewa an rushe masa gini.

Yanzu sai mu zo kan wurare biyun nan masu alamar tambaya, inda ainihin nauyin wasiƙar yake.

"Tambaya ta farko. A tsohon zanen, bayan gwajin danshi akwai kibiya ɗaya tak, wadda ke cewa idan danshi bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba a wuce sikeli. Ba a nuna abin da ke faruwa idan ya wuce ba. Na tambayi mai gwaji ya ce ana rage farashi a karɓa. Na tambayi mai sito ya ce ana mayar da motar a je a ƙara shanyawa. Mai yiwuwa duka biyun ana yi, gwargwadon yawan danshin, amma ban sami wanda ya gaya mini iyakar ba. Na zana hanyoyin biyu da layi mai ɗigo-ɗigo. Ina roƙon Alhaji ya gaya mini: daga kashi nawa ake rage farashi, daga kashi nawa ake mayarwa, wa ke yanke wannan hukunci, kuma idan mai kaya ya ƙi ragin, ina motarsa za ta bi?"

Wanda bai san cinikin shinkafa ba zai ɗauka ƙaramar kibiya ce ta ɓata. Amma a yi lissafi. Tan 10 na shanshera mai danshi kashi 18 cikin ɗari yana ɗauke da busasshiyar ƙwaya kilo 8,200, sauran ruwa ne. Idan aka busar da ita zuwa kashi 14, nauyinta zai koma kusan kilo 9,535. Kilo 465 ke nan suka tafi a mota ɗaya, kuma wani ne zai ɗauki asarar, ko kamfani ko mai kaya. Tsohon zanen ya rikice a daidai wannan wuri ne saboda kamfanin kansa bai taɓa tsayar da magana ɗaya a kai ba. Manajan da ya zana bai yi sakaci ba. Ya zana abin da kowa ya yarda da shi, ya tsallake abin da ake saɓani a kai. Haka ake samu a yawancin zanuka masu ruɗani: inda kibau suka fi cukurkuɗewa, ko inda tambaya take da amsa ɗaya kacal, a nan ma'aikata suke yin aikin ta hanyoyi daban-daban.

Jarabawar mai zane a nan babba ce. Abu ne mai sauƙi ta zaɓi amsar da ta fi mata ma'ana, ta ja kibiya mai tsabta, zanen ya fito sumul, Alhaji ya yaba ya biya. Sai a manna a bango. Bayan wata biyu dillali ya zo da kaya mai danshi, rigima ta tashi, mai gwaji ya nuna bango ya ce ga doka. Dokar da ba wanda ya kafa sai wadda ta zo ziyarar yini ɗaya. Zane mai tsabta yana da kwarjini, mutane suna ɗaukarsa a matsayin umarnin mai gida, saboda haka zato a cikinsa ya fi ruɗani haɗari. Ruɗani aƙalla yana sa mutum ya je ya yi tambaya. Layin ɗigo-ɗigon nan da alamar tambaya suna ɓata kyan zanen na ɗan lokaci, kuma daidai ne su ɓata shi, don kada wani ya yi gaggawar bugawa.

Tambaya ta biyu ta fi gajarta, amma ta fi bukatar iya magana:

"Tsohon zanen ya nuna manaja yana sa hannu kafin akawu ya biya. A ranar da na zo na ga an biya wasu kafin sa hannun, aka ce mini haka ake yi idan manaja ya fita. Shin in zana yadda aka tsara, ko yadda ake yi, ko kuwa akwai wanda ke wakiltar manaja da ya kamata in saka?"

Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta ce an karya doka ba. Ta faɗi abin da ta gani da abin da aka gaya mata, ta ba da zaɓi uku. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce ga ƙananan ma'aikatan da suka saki jiki suka gaya mata gaskiya. Wasiƙar da ta zama ƙarar ma'aikata takan jawo a kori wani, kuma daga ranar ba wanda zai sake gaya wa baƙo yadda aiki ke tafiya. Amma ɓoye abin ma cin amana ne, tunda kuɗin Alhaji ne ke fita. Bambancin da ke tsakanin yadda aka tsara aiki da yadda ake yinsa a zahiri sananne ne ga masu nazarin harkokin kamfanoni, kuma sukan zana su daban-daban. Matsalar tana zuwa ne idan aka cakuɗa su a takarda guda ba tare da an sani ba.

Akwai inda mai zane ba za ta bi abin da aka umarce ta ba, kuma wasiƙar ce wurin faɗa. Alhaji ya nemi a saka hoton kowace na'ura a cikin akwatinta. Ta gwada, ta ga hotunan sun cinye wurin rubutu. Ta rubuta masa cewa ta yi gwajin a shafi na biyu don ya gani da idonsa, shawararta a bar su, amma idan ya fi son haka za ta yi a takarda mafi girma. Gani ya kori ji. Abin da ba shi da kyau shi ne ta yi shiru ta ƙi sakawa da fatan ba zai lura ba, ko ta saka ba tare da ta gaya masa abin da zai rasa ba.

Ta yaya za a san sabon zanen ya fi tsohon? Yabon mai kamfani ba hujja ba ce, domin shi ya riga ya san aikin, ko babu zane zai gane. Ta ba shi gwaji mai sauƙi:

"Kafin a buga, a ba wani da bai taɓa aiki a sashen saye ba, a ce ya bi da yatsa: mota ta zo da kaya mai danshi kashi 13, ina za ta bi har a biya? Sannan a ce kashi 17 ne, mai kayan kuma ya ƙi ragi. Kada a taimaka masa. Duk inda yatsansa ya tsaya ko ya koma baya, a yi alama a turo mini."

Inda yatsa ya tsaya, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne: kibiya ba ta da kai, tambaya ba ta da amsa ta biyu, ko an yi amfani da kalmar da 'yan ofis kaɗai suka sani. Na ukun yana yawan faruwa a wuraren da aka rubuta zane da Turanci alhali masu aiki da shi da Hausa suke magana, kuma mai zane nagari zai tambaya tun farko wa zai karanta, a ina, a tsaye ko a zaune.

Saura maganar kuɗi, wadda masu zaman kansu da yawa ke jin nauyin faɗa har su cutu. Mai zaman kansa ba shi da albashi, lokacinsa ne jarinsa, kuma gyara marar iyaka yana cinye ribar aiki gaba ɗaya. Ta rufe wasiƙar da cewa wannan shi ne zagaye na farko cikin biyun da aka yi yarjejeniya; amsoshin tambayoyin nan biyu da duk wani gyaran rubutu suna cikin zagaye na biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba; amma idan aka so a ƙara matakan casa da zuba buhu, wannan sabon zane ne da za su yi magana a kansa daban. Ta roƙi a tattara ra'ayoyin manaja da akawu da kowa a turo su lokaci guda ta hannun mutum ɗaya, domin idan mutum huɗu suna turo gyara daban-daban, na ɗaya yakan warware na ɗaya. Ta sa wa fayil ɗin lamba da kwanan wata, ta rubuta su a ƙasan zanen ma, saboda wata rana za a sami kwafi uku a bango uku, a rasa wanne ne na ƙarshe.

A nan ƙasar, da wuya Alhaji ya amsa a rubuce. Zai kira waya, ko ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp yana cikin mota, ya faɗi iyakar danshin da yake so da wanda zai wakilci manaja. Wannan ba laifi ba ne, haka ake kasuwanci. Abin da ya rage ga mai zanen shi ne ta rubuta abin da ta ji cikin layi uku ko huɗu, da lambobin a fili, ta mayar masa: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta, idan daidai ne a amsa mini da to." Sai ya amsa sannan ta goge ɗigo-ɗigon, ta ja cikakken layi, ta cire alamar tambayar daga zanen.